Rumbun da ba a taɓa gwada buɗe shi ba

Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Bagudo mai mambobi dubu biyu. Tana ba da taki bashi kafin shuka, ta karɓi shanshera bayan girbi, wani cinikin kuma da sefa ake yin sa, tunda Tsamiya da Lolo suna bakin iyakar Benin. Dukiyarta ta ainihi ita ce sanin wa ake bi bashi, nawa, kuma a kan wane farashin canji aka yi lissafi ranar. Duk wannan yana cikin rumbun bayanai guda, a kan kwamfuta guda, a ofishin da ba kullum ake samun wuta ba.

Ra'ayina shi ne irin wannan ƙungiya ba ta buƙatar ɗaukar ƙwararre na dindindin, amma dole ta ambaci sunan mutum ɗaya a matsayin mai kula da rumbun, ta kuma auna shi da tambaya biyu: in kwamfutar ta mutu yau da la'asar, aikin awa nawa ya salwanta, kuma awa nawa za a ɗauka kafin a ci gaba da aiki?

Amsar farko tana ga yawan ɗaukar kwafi. In da dare kaɗai ake ɗauka, mutuwar la'asar ta cinye aikin yini guda. Da damina wannan ba komai ba ne, rasit goma ne za a sake shigarwa daga takarda. A makon karɓar shanshera kuwa, lokacin da ake auna buhu ɗaruruwa a yini, ya kamata a ƙara ɗauka da azahar. Mai kula na gari yana bin kalandar noma wajen tsara wannan.

Amsa ta biyu ita ce inda aka fi yaudarar kai. Fayil mai ɗauke da kwanan watan jiya ba ya nuna cewa akwai abu a cikinsa; faifai kan cika, ko wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, a bar rabin kwafi. Hanyar sani ɗaya ce, a mayar da shi. A PostgreSQL, layin farko yana ɗaukar kwafin, sauran biyun suna zuba shi cikin rumbun gwaji:

```
pg_dump -Fc -f kungiya.dump kungiya
createdb gwaji
pg_restore -d gwaji kungiya.dump
```

Daga nan sai a haɗa jimillar bashi a rumbun gwaji, a gwama da abin da akanta ya rufe littafi da shi a ranar. In sun zo ɗaya, kwafin na da rai. A yi haka sau ɗaya a wata, a kan wata kwamfutar daban, a rubuta minti nawa ya ci. Kuma kada kwafin ya kwana a ɗaki ɗaya da asalinsa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kabi ya san ruwan Kwara ba ya tambayar wane faifai ne na asali. Bayanan ƙungiya irin wannan, in an matse su, ƙanana ne, ko da raunin sabis ana iya tura su waje cikin dare, muddin an kulle su da kalmar sirri.

Sa ido kan saurin aiki ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Binciken sunan manomi da a da yake fitowa nan take, yanzu yana cin daƙiƙa goma, galibi alama ce ta rashin fihirisa a teburin da ya girma, ba tsufan kwamfuta ba. Saita `log_min_duration_statement` zuwa 1000 zai sa rumbun ya rubuta duk tambayar da ta kai daƙiƙa ɗaya. A duba wannan da sauran sararin faifai kowace Litinin.

Batun izini ya fi wuya, domin ya taɓa zumunci. A ƙaramin ofis kowa ɗan'uwan kowa ne, sai a wayi gari mutum biyar suna shiga da kalmar sirri ɗaya. Ranar da bashin buhun taki goma ya koma biyu, ba wanda za a kama, ba kuma wanda zai iya wanke kansa. Kowa ya sami nasa suna. Magatakarda ya iya karantawa da shigarwa kawai:

```
GRANT SELECT, INSERT ON biya TO magatakarda;
```

Ba shi da ikon gogewa ko sauya abin da ya shiga. In ya yi kuskure, ya shigar da sabon layi mai soke na farko, duka biyun su zauna a gani. Lambobin wayar mambobi da bashinsu bayanan mutane ne da dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa ƙungiya nauyin tsarewa.

Za a ce ai mai kulan da kansa yana iya goge komai. Gaskiya ne. Shi ya sa bai kamata ya zama shi ne akanta ba, kuma kwafin ƙarshen kowane wata ya tafi hannun shugaban ƙungiya, inda mai kulan ba zai iya taɓa shi ba. Kalmar sirrinsa ma a rubuta, a liƙe cikin ambulan, a ajiye wurin ma'aji, saboda ranar da zai yi tafiya Birnin Kabi wayarsa a kashe.