Fili Ɗaya, Masu Saye Biyu: Ina Mafita?

A ganina, duk wanda ya gano an sayar wa wani filin da ya saya, bai kamata ya tsaya cacar baki da dillali ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi cewa fili mai takardar mallaka ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna.

Mu ɗauka ka saya a Janairu, ka tsaya a takardar mai unguwa. Wani ya saya a Maris bai san da kai ba, ya sami amincewa, ya yi rajista. Galibi shi kotu za ta fifita.

Saboda haka, garzaya ofishin rajistar filaye da koke a rubuce, ɗauke da lambar fili, lambar fayil da rasit. Nemi a binciki fayil, a kuma dakatar da sauya suna. Binciken zai nuna mai filin da jinginar banki, amma ba ya nuna cinikin da ba a rajista ba. Hukunci kuwa na kotu ne.