Ra'ayi: Me ya sa layin karɓar kuɗi ke tsawo da yamma a Dar es Salam?

A unguwar Dar es Salam, kamar sauran unguwannin Yamai, gidaje da dama sun dogara da kuɗin da ƴaƴansu ke turowa daga Abijan, Akara, Legas, Libiya, Aljeriya ko Faransa. Kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana sun sauƙaƙa wannan hanya, amma tafiyar kuɗin ba ta ƙarewa sai mai karɓa ya tsaya gaban taga, wadda aka fi kira gishe, an ƙirga masa ya riƙe a hannu. A nan ne ake cin lokacin mutane. Kuɗin da ya tsallako ƙasashe cikin daƙiƙoƙi yana iya ɗaukar kusan awa guda kafin ya tsallako kanta.

Galibi a kan ce mutane ne suka yi yawa, sai haƙuri. Amma yawan mutane da yamma ba baƙon abu ba ne; kullum yana zuwa, kusan a lokaci ɗaya. Abin da aka san zuwansa kuwa ana iya yi masa shiri. Duk mai reshe ya kamata ya san ma'aikata nawa yake buƙata a kowace awa, domin lissafin wuni guda yaudara ne.

Yadda lissafin wuni ke yaudara

A ɗauki misalin wani reshe da ke buɗewa daga takwas na safe zuwa takwas na dare, yana sallamar mutum 240 a wuni, kowane mutum yana cin minti 4 a gaban taga. Jimillar aikin minti 960 ke nan, wato awa 16. In aka raba awa 16 kan awa 12 da reshen ke buɗe, sai a ga ma'aikaci ɗaya da ɗan ɗoriya ya isa. Mai reshe ya buɗe taga biyu, ya ga har ya yi ƙoƙari.

Sai dai mutanen nan 240 ba a jere suke zuwa ashirin-ashirin ba. A ce tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, lokacin zafi da azahar, mutum 6 kaɗai ke shigowa. Daga ƙarfe biyar zuwa bakwai kuwa, bayan an taso daga aiki kuma masu turowa sun buga waya sun ba da lamba, mutum 42 ke zuwa a kowace awa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ninka yawan masu zuwa a awa da mintocin da kowane ɗaya ke ci, a raba da 60. Da tsakar rana, 6 sau 4 ya ba da minti 24, wanda bai kai rabin aikin mutum ɗaya ba. Da yamma, 42 sau 4 ya ba da minti 168, wato aikin mutum 2.8.

Taga ɗaya tana sallamar mutum 15 a awa, biyu suna sallamar 30. Ke nan kowace awa ana barin mutum 12 a baya. Kafin ƙarfe bakwai mutum 24 ne a layi, kuma wanda ya shigo a lokacin zai jira minti 48. Waɗannan ma'aikata biyu da suka wuni suna hamma da rana su ne za a zarga da sanyin jiki da yamma, alhali ko sun yi iya ƙoƙarinsu ba za su cim ma layin ba.

Me ya sa uku ma ba su isa ba

Tun da aikin na mutum 2.8 ne, hankali zai ce a sa uku. A nan ne kuskure na biyu yake. Ko a cikin awa ɗaya mutane ba sa zuwa daki-daki. Minti biyar na iya wucewa ba kowa, sai kuma mutum shida su shigo lokaci guda. Mintocin da taga ta zauna babu kowa sun tafi ke nan, ba a ajiye su don anjima. Saboda haka, in ma'aikata ba su da sararin numfashi, duk cunkoson da ya taru ba ya warwarewa da wuri.

Wanda ya fara warware wannan matsala da lissafi shi ne Agner Krarup Erlang, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya yi aiki a kamfanin tarho na Kofanhegan. Ya buga bincikensa na farko a 1909, ya fitar da shahararriyar ƙa'idarsa a 1917. Har yau cibiyoyin amsa kiran waya suna amfani da lissafin da ake kira Erlang C, kuma ana samun shafukan da ke yin sa kyauta a intanet: a shigar da yawan masu zuwa, da mintoci, da yawan ma'aikata, ya fitar da tsawon jira.

In aka sa alƙaluman wannan reshe, ga abin da ke fitowa. Da taga uku, ma'aikata na cikin aiki kashi 93 cikin ɗari na lokacinsu, kusan tara cikin kowane mutum goma sai sun jira, kuma matsakaicin jira yana kusantar minti 17 in cunkoson ya daɗe. Da taga huɗu, jiran ya sauko zuwa kusan minti ɗaya da rabi. Ma'aikaci ɗaya ne ya bambanta su. Wanda ake gani kamar ya yi rara, shi ne ke hana layi kafuwa.

Lissafin yana ɗauka cewa layi ɗaya ne, duk tagar da ta samu sarari ta kira na gaba, kuma ba wanda ya gaji ya tafi. In kowace taga da nata layin, jiran ya fi haka.

Inda alƙaluma ke ɓata

Lissafi ba ya fin abin da aka zuba masa kyau, kuma wuri biyu ne aka fi zamewa. Na farko shi ne mintocin. Na'ura tana iya nuna cewa aikin ya ɗauki minti biyu, domin abin da aka yi a cikinta kawai take gani. Ba ta ganin gaisuwa, da neman katin shaida a cikin jaka, da ƙirga takardun jika-jika sau biyu, da neman canji, da dattijuwar da sai an buga wa ɗanta waya ya maimaita lambar. Maganin shi ne a sa wani ya riƙe agogo, ya auna mutum talatin ko arba'in, daga lokacin da mutum ya tsaya gaban taga har na bayansa ya tsaya. Minti ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. In rezo ya yi nauyi, minti 4 ya koma 5, aikin yamma ya tashi zuwa na mutum 3.5: taga uku sun gaza gaba ɗaya, da huɗu ma sai an jira kusan minti bakwai.

Na biyu shi ne yawan mutanen. Rajista tana rubuta wanda aka sallama ne kawai. Wanda ya leƙo ya ga layi ya juya ba ya cikinta. Akwai alamar da ke tona wannan. In rajistar reshe mai taga biyu ta nuna kusan mutum 30 a kowace awar yamma, kullum ba ta wucewa, wannan adadi iyakar ƙarfin tagogin ne. Ainihin masu zuwa sai an ƙirga su a bakin ƙofa, mako biyu ko uku, awa bayan awa.

Ranaku ma ba ɗaya suke ba. Ƙarshen wata, da komawar yara makaranta a watan Oktoba, da jajiberen Salla kowanne da nasa nauyin. Kuma da yake Salla tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, makon sayen ragon layya da makon sayen ragon bara ake kwatanta shi, ba da kwanan watan Turawa ba.

Abin da mai reshe zai ce

Hujjar mai reshe ita ce albashi, kuma ba hujjar banza ba ce. To a ƙirga. Taga biyu na awa 12 awoyin aiki 24 ne. In aka tsara bisa awa, aka buɗe huɗu a awoyi biyu na yamma, uku daga tara zuwa sha ɗaya na safe, ɗaya daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, biyu a sauran awoyi biyar, jimillar ta zama 27. Ƙarin awa uku ne kawai a wuni. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ƙayyade awa 40 a mako, don haka reshen da ke buɗe awa 12 dama sai da karɓa-karɓa. Abin da ake nema shi ne masu aikin safe da masu aikin dare su haɗu a lokacin cunkoso, maimakon su yi musanya lokacin da ba kowa.

Wajibi ne kuma a bambanta taga huɗu da ma'aikata huɗu. Ma'aikaci yana salla, yana cin abinci, yana daidaita kuɗin akwatinsa, yana rashin lafiya, yana tafiya hutu. In waɗannan suna cin kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da ake biyansa, 4 a raba da 0.75 ya ba da 5.3, wato sai an tanadi mutum biyar zuwa shida kafin a tabbatar da taga huɗu. Hutun rana da ƙirgar akwati a kai su awoyin da ba cunkoso. Kuma taga ɗaya a buɗe ba ta nufin a bar mutum ɗaya tal da kuɗi a cikin ɗaki.

Wannan lissafi yana da iyaka. Dogayen layukan da aka gani a bankunan Yamai bayan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 na ƙarancin tsabar kuɗi ne, kuma ko taga goma aka buɗe ba za su biya abin da babu ba. Haka ma ranar da wuta ta ɗauke ko rezo ya yanke. Bambancewar ba wuya: in tagogi duka suna aiki kuma layi na ƙaruwa, hannu ne ya yi kaɗan, in ma'aikata na zaune layi kuma bai motsi, matsalar tana wani wuri.

Kamfanonin nan suna da lokacin kowace mu'amala a cikin na'urorinsu. Abin da ya rage musu shi ne su raba shi awa-awa, su auna mintocin gaskiya, su ƙirga masu juyawa a bakin ƙofa, sannan su tsara karɓa-karɓa a kan abin da suka gani. Wanda ke turo kuɗi daga waje kuma yana da ta cewa: ya tambayi na gida tsawon lokacin da suke jira kafin ya zaɓi kamfanin da zai bi. Kafin a gyara, in saƙon ba na gaggawa ba ne, ya shawarce su su je a lokacin da suka lura reshen unguwarsu ya fi sarari.