Godiya a LinkedIn: faɗi abin da aka yi maka

Duk ƙarshen shekarar karatu, idan ɗaliban Jami'ar Manchester suka fara kwashe kayansu daga gidajen hayar Fallowfield, sai LinkedIn ya cika da sanarwar samun aiki. Yaranmu suna da dalilin murna, domin bizar Graduate da Birtaniya ta ɓullo da ita a watan Yulin 2021 wa'adi gare ta, kuma ba a sabunta ta. Wanda ya samu kamfanin da zai tsaya masa a bizar Skilled Worker ya tsallake siraɗi. Amma a ganina, abin da ke raba godiya da alfahari a irin wannan sanarwa abu guda ne: shin ka faɗi abin da mutum ya yi maka, ko sunansa kawai ka jingina da shi?

A ce wata ɗaliba ta samu aikin akanta a Birmingham. Idan ta jera sunayen farfesoshi da daraktoci goma, ta ƙara da yawan kamfanonin da suka neme ta ta ƙi, mai karatu zai gane cewa manyan da ta sani take nuna masa. Idan kuwa ta faɗi muƙamin da kamfanin a jimla ɗaya, sannan ta gode wa malamar da ta rubuta mata takardar shaida, da abokiyar zamanta da ta riƙa yi mata gwajin tambayoyin intabiyu, to yabon ya sauka a kan waɗanda suka yi aikin. Mutum biyu ko uku sun isa. Ya kamata kuma ta nemi izininsu kafin ta maƙala sunayensu, ta jira har a sa hannu a kwantiragi, biza ta fito, domin kamfani kan janye tayin aiki.

Wasu za su ce tarbiyyarmu ta kunya ce, ga tsoron bakin mutane, don haka shiru ya fi. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan albashi da hoton sabuwar mota, kuma babu ɗayansu da ya dace da sanarwar. Sai dai LinkedIn kasuwar aiki ce, masu ɗaukar ma'aikata a can suke dubawa, kuma wanda ya yi maka ɗawainiya shi ma yana amfana idan aka san halinsa. Wasu kuma suna ganin faɗin taimakon da aka yi musu zai nuna gazawarsu. Yaba kyauta tukwici, kuma manajan kirki ya fi son mai iya aiki da jama'a a kan mai cewa shi kaɗai ya yi komai.

Kafin ka latsa Post, cire sunanka da muƙaminka ka sake karantawa. Idan har yanzu akwai abin da mai karatu zai sani game da waɗanda ka gode wa, godiya ka rubuta. Idan babu, sake rubutawa.