Sito a Funtua, ofishi a Legas: Me ya sa adireshin kamfani ke shan bamban a takardu?

Da kaka ta yi, kamfanonin sayen auduga, masara da waken soya kan buɗe sito-sito a Funtua, Malumfashi, Bakori da Dandume. Manomi yana ganin allo da ma'auni da manaja, amma idan ya duba sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, sai ya ga adireshin Legas, Kano ko Abuja. Wasu kan ɗauka damfara ce nan take. Sau da yawa ba haka ba ne.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya kasance da ofishin rajista. Wannan shi ne adireshin da doka ta san shi da shi. Can ake kai masa takardun hukuma, kuma a ƙa'ida can ake ajiye rajistar masu hannun jari. Lambar akwatin gidan waya kaɗai ba ta wadatarwa, dole ya zama wurin da ƙafa za ta iya takawa. Wurin aiki kuwa shi ne inda ake ciniki, kamar injin gurzar auduga, sito ko shago. Ofishin rajista ɗaya ne tak, wuraren aiki kuwa suna iya kai goma.

Misali a fili shi ne WACOT, wanda ke da injin gurzar auduga a Funtua, alhali hedikwatar rukunin TGI da ya mallake shi tana Legas. Audugar tana nan, shugabancin yana can, kuma babu dokar da aka karya.

Ƙananan kamfanoni kuma nasu dalilin daban. Da yawa an yi musu rajista ne da adireshin lauya ko akawun da ya cike takardun, ko gidan mai kamfanin, tun kafin a kama hayar sito. Wasu kuma sun tashi daga tsohon wurin ba su sanar ba, duk da doka ta ba su kwana 14 su shaida wa CAC. A nan ne laifi yake. Haka nan kowace hukuma abin da ya shafe ta take rubutawa. Harajin albashin ma'aikaci yana zuwa jihar da yake zaune, don haka hukumar harajin Katsina na iya riƙe adireshin Funtua, CAC kuma tana riƙe da na Legas.

Bambancin ba ya ciwo sai ranar rigima. A ɗauka wata ƙungiyar manoma a Malumfashi ta ba wani kamfani masara buhu 200 bashi, za a biya bayan wata guda. Watan ya cika, sito a kulle, manaja ya kashe waya. Lauyansu ya shigar da ƙara, aka miƙa sammaci ga maigadin sito. Kamfanin bai zo ba, kotu ta yanke hukunci. Daga baya lauyan kamfanin na iya neman a soke hukuncin, bisa hujjar cewa ba a isar da sammaci yadda ƙa'idar kotu ta tanada ba. Idan kotu ta amince, an koma gidan jiya, ga kuɗin lauya ya tafi. Shi ya sa lauyoyi ke fara neman adireshin rajista kafin su rubuta ko da takardar gargaɗi.

Ana iya yin wannan binciken da waya kafin a ɗora buhu a mota. Doka ta ce kamfani ya rubuta sunansa da lambar rajistarsa a jikin duk wurin da yake kasuwanci. A kwafi sunan daidai da lambar, a duba a shafin CAC, a gwada da abin da ke kan rasit da sunan asusun banki. Lambar da ta fara da RC ta kamfani ce, mai BN kuwa sunan kasuwanci ne kawai, bashinsa na wuyan mai shi. Idan shafin ya nuna INACTIVE, galibi kamfanin bai miƙa rahoton shekara-shekara ba ne, kuma adireshin da ke wurin na iya zama tsohon zance. A 2024 hukumar ta yi gargaɗin soke kamfanonin da suka shekara goma ba su miƙa rahoton ba.

Bambancin adireshi kaɗai ba hujjar zamba ba ce. Alamar haɗari ita ce sunan allo daban da na rasit, ko a ce a tura kuɗi asusun wani mutum, ko manaja ya ƙi faɗin inda ofishin rajista yake. Kafin a ba da amfanin gona bashi, a sa adireshin biyu a yarjejeniya, a kuma rubuta wanda za a riƙa kai wa takarda idan magana ta taso.