Kafin ka sayi mota, ka fara neman wanda zai saye ta daga hannunka



Mun sha ganin abin nan. Yaro ya yi shekara biyar ko shida a Abijan ko Libiya, Allah ya buɗa mishi, ya dawo gida da babbar mota mai ƙyalli, yara na bin ta da gudu. Bayan damina biyu sai ka tarar da ita ƙarƙashin bedi, an ɗora ta bisa duwatsu, awaki na kwana a inuwarta. Ranar da buƙata ta taso, ko aure ko rashin lafiya ko sayen hatsi, ya sa ta kasuwa, sai dillali ya taya da kuɗin da bai kai rabin abin da aka saye ta ba. A wurinmu mota ajiya ce kamar saniya, shi ya sa muke ganin lissafinta daga ranar sayarwa ya kamata a fara shi.

Sabuwar mota a shekarunta na farko take zubar da mafi yawan kuɗinta. Wannan asarar ba mu ke ɗaukarta ba, Bature ko Ba'amurken da ya fitar da ita daga kanti ya riga ya biya. Mu sai ta shekara goma ko sha biyar take iso mana, lokacin da faɗuwar ta lafa. To amma ba kowace ke lafawa ba. Akwai wadda in ta iso nan sai farashinta ya tsaya kusan wuri ɗaya, akwai wadda nan ne ma take fara gangarowa. Bambancin kuwa yawan masu nemanta ne a kasuwarmu.

Wadda ta fi saurin karyewa ita ce babbar motar alfarma da ta tsufa, irin su Range Rover da manyan BMW da Marsandi na zamani masu yawan na'ura. Dalilin a fili yake. Motar ta yi araha, amma kayan gyaranta suna nan a farashin motar attajiri. Wasunsu ma bisa jakunkunan iska suke tsaye maimakon ƙarfe. Hanyarmu ta marmara da rairayi kuwa ba ta raga wa roba, in jakar ta fashe ko famfon da ke hura ta ya ƙone, sai ka wayi gari motar ta durƙusa kamar raƙumi. Makaniken Tawa zai ce a aiko da kaya daga Yamai ko Kano, a kuma nemo mai na'urar bincike. Wanda ke da kuɗin wannan hidima ba ya sayen tsohuwa, wanda ke son tsohuwa ba shi da kuɗin hidimar. Sai mota ta rasa mai taya.

Ta biyu ita ce mai babban inji mai shan mai. Da, muna samun man Najeriya da rahusa ta Ƙonni, ba mai damuwa. Tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, mai saye tambayarshi ta farko ita ce lita nawa za ta sha zuwa Tawa da dawowa. Ta uku, motar gazuwal ta Turai ta bayan 2010, mai matatar hayaƙi a bututu. An yi ta don tsabtataccen mai, in ta sha na kwalba da ƙura sai matatar ta toshe, fitila ta kama, ƙarfin mota ya ragu. Dillalai sun san da wannan, da shi suke karya farashi.

Waɗanda ke riƙe kuɗinsu ba sai mun faɗa ba: Corolla, RAV4, Hilux, da Land Cruiser ta daji mai injin gazuwal irin na da. Ba wani asiri gare su ba. Corolla ɗan taksi na so, malamin makaranta na so, ɗan kasuwa na so. Hilux mai ɗaukar kaya da fasinja zuwa Tebaram ko Cintabaradan na nema. Kowane gareji ya san cikinsu, kayansu sabo da na hannu suna kasuwa.

Mu ɗauki misali, lissafin namu ne don a gane, kowa ya sa farashin da ya tarar. Wa da ƙane sun dawo, kowa da miliyan 6 na sefa. Wan ya zuba duka a babbar motar Turai. Ƙanen ya sayi ƙaramar mota irin wadda kowa ke nema a miliyan 4, sauran miliyan 2 ya sa a bisashe. Bayan shekara 3 duk suka tashi sayarwa. Wan ya kashe miliyan 1 da jikka 200 a gyara, da ƙyar aka taya miliyan 2 da rabi. Asararshi miliyan 4 da jikka 700, wato kusan jikka 130 kowane wata, ban da mai. Ƙanen ya kashe jikka 300 a gyara, ya sayar miliyan 3 da jikka 200. Tashi asarar miliyan 1 da jikka 100, kusan jikka 30 a wata. Duk su biyun sun hau mota, amma ɗaya ya biya ninki huɗu, kuma ya yi watanni yana jiran mai saye.

Wani zai ce, to ai yanzu tsohuwar mota ma tashi take yi. Gaskiya ne, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta yi wuya, shigo da mota ya ƙara tsada, wasu sun sayar ba su faɗi ba. Amma a lura da wace iri ce ta amfana: wadda dama ake rububinta. Wadda ba mai so, ko an rufe iyaka goma tana nan bisa duwatsunta. Kuma ba wanda ke da tabbacin farashin yau zai tsaya ranar da hanya ta buɗe.

Wani kuma zai ce, kenan in dai Toyota ce shi ke nan. A'a. Suna ba ya gyara motar da ta yi hatsari aka daddaɓe ta, kuma in ka biya kuɗin suna fiye da kima, tun ranar saye ka faɗi. Kar ka yarda da lambar kilomita, ana mayar da ita baya. Dubi yadda sitiyari da robar birki da kujerar direba suka ci, su ba sa ƙarya. Ka shiga ƙarƙashi ka dubi ƙashin motar, in ka ga walda ko tsatsa mai ɓarewa ka ja da baya. Sannan takardu: lambar da ke jikin ƙarfe ta zama daidai da ta takardar mota, takardar duwan kuma ta kasance cikakkiya. Motar da ta shigo da lambar waje ba a biya mata duwan ba, arharta bashi ce, mai saye na gaba zai cire kuɗin daga naka.

Shawararmu guda ce, kuma ba ta cin ko dala. Kafin ka biya, ka yi yini ɗaya a Tawa. Ka shiga shago uku na kayan mota ka tambayi famfon ruwa da fitilar gaba da gilashin gaba na irin motar. In biyu sun ce sai an aiko, ka san matsayinka. Sannan ka sami dillalin da ba shi ke sayar maka ba, ka ce kana da irinta za ka sayar yau, nawa zai biya. Ratar da ke tsakanin abin da ya faɗa da abin da ake nema a hannunka, ita ce asarar da za ka yi tun ba ka tada inji ba.

Wanda ke da hali ya ce shi don jin daɗi ya saya, ba mu da ja, kuɗinshi ne. Amma wanda gumin shekara biyar ne a hannunshi, kuma gida na kallon motar a matsayin rumbu, ya sayi wadda in ya ce "ta sayarwa ce" ranar Lahadi a kasuwar Tawa, kafin la'asar mutum uku sun taya.

Allah ya sa albarka a abin da aka samo, ya kai na hanya gida lafiya.