Ba Haihuwa Ce Ta Ƙaru Ba, Mutuwa Ce Ta Ragu

Duk lokacin da aka ambaci yawan haihuwa a Nijar, sai masu sharhi su ce ƙasar tana tsaye a matakin farko na ci gaba, kamar ba ta motsa ba tun zamanin kakanni. Ni ina ganin wannan hukunci kuskure ne, kuma ra'in da suke kafa hujja da shi ne ke ƙaryata su.

Ra'in sauyin yawan al'umma, wanda Warren Thompson ya aza harsashinsa a 1929, Frank Notestein kuma ya faɗaɗa shi a 1945, ya kasa tarihin jama'a mataki huɗu. A na farko, haihuwa da mutuwa duk suna da yawa, don haka jama'a ba ta ƙaruwa sosai. A na biyu, mutuwa tana raguwa, haihuwa kuwa tana nan yadda take. A na uku, haihuwar ma sai ta bi sahu. A na huɗu, duka biyun sun yi ƙasa sun daidaita.

To, ina Nijar take? A ƙiyasi, cikin kowane mutum 1,000 ana haihuwar kimanin 45 a shekara, ana rasa ƙasa da 10. Rarar ta kai 35, wato kashi uku da rabi cikin ɗari, kuma da wannan gudu jama'a tana ninkawa cikin shekara 20. Ƙasar da ke matakin farko ba za ta taɓa samun wannan rara ba, domin ƙyanda da zazzaɓi da fari za su cinye ta. Nijar tana mataki na biyu. 'Ya'yan da a da ake binnewa kafin yaye su ne yau suke rayuwa, albarkacin riga-kafi da magani. Wanda ya kira wannan koma-baya ya zagi nasara.

Sai dai ina da ja da ɗaya ɓangaren ma, masu cewa a naɗe hannu, mataki na uku zai zo da kansa. Ra'in nan bayanin abin da ya faru a Turai ne, bai yi wa kowa alkawarin lokaci ba. A Faransa haihuwa ta fara raguwa tun ƙarshen ƙarni na 18, kafin masana'antu su bunƙasa. A Iran kuwa, ta sauko daga 'ya'ya fiye da shida ga kowace mace a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kimanin biyu a 2000, bayan an kai asibitocin karkara da karatun mata lungu-lungu.

Manomin da ƙarfin gonarsa da hutun tsufansa suka rataya a kan 'ya'yansa lissafi yake yi, ba jahilci ba. Ba zai sauya lissafin ba sai ya tabbata yaransa za su rayu, makaranta kuma za ta amfane su. A nan ya kamata masu sharhi su karkata alƙalumansu.