Sharhi: Jadawalin Maganin Dattijo a Gida Mai Hannu da Yawa

Sharhinmu na yau a kan wata takarda ce guda ɗaya, wadda ya kamata a ce tana manne a bangon ɗakin duk wani dattijo da ke shan magani kullum.

Goggona ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Wata safiya jikarta ta ba ta magungunanta kafin ta wuce makaranta. Da hantsi surukarta ta shigo gaisuwa, ta ce, "Goggo, kin sha magani?" Goggo ta ce ba ta jin ta sha. Sai aka sake ba ta. Kafin azahar gumi ya jiƙa ta sharkaf, jikinta na karkarwa, maganarta ta sarƙe. Sugan jininta ne ya faɗi, domin ta sha maganin rage suga sau biyu, kuma ko rabin kofin koko ba ta shanye ba. Allah ya kiyaye, aka ba ta ruwan sukari tun tana iya haɗiya, aka garzaya da ita asibiti. Babu wanda ya yi sakaci a gidan nan. Kowa ya ba da maganin ne saboda ƙauna, abin da aka rasa shi ne wurin da hannun farko zai bar shaida ga hannu na biyu.

Aikin jadawali ke nan. A samu farar takarda, a ja mata gida huɗu daga sama zuwa ƙasa: sunan magani, adadin da za a sha, lokaci, sai gidan alama. Wannan gida na ƙarshe a raba shi ƙananan akwatuna bakwai, daga Lahadi zuwa Asabar, takarda ɗaya ta ɗauki mako guda.

Ga yadda na Goggo ya kasance bayan faruwar wannan abu. Layin farko, amlodifin na hawan jini, miligiram 5, ƙwaya ɗaya da safe. Layi na biyu, gilibenkilamid na suga, miligiram 5, ƙwaya ɗaya tare da karin kumallo. Layi na uku, metfomin, miligiram 500, ƙwaya ɗaya da karin kumallo. Layi na huɗu, metfomin ɗin dai, ƙwaya ɗaya da tuwon dare. Ku lura, magani uku ne amma layi huɗu, domin kowane sha yana da layinsa. Idan aka rubuta "sau biyu a rana" a layi ɗaya, wanda ya ga alama ɗaya ba zai san ta safe ce ko ta dare ba. Wannan na Goggo ne, likitanta ya tsara mata. Na dattijonku, daga takardar likitansa za ku kwafa.

A gidan suna, a kwafi sunan kamar yadda yake a jikin kwali, harafi da harafi, kuma a nemi ainihin sunan maganin, wanda galibi yake da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan kamfani. Kada a rubuta "fara ƙarama" ko "mai ruwan ɗorawa". Wata mai zuwa mai kemis zai iya ba ku na wani kamfani, launi ya sauya, magani yana nan yadda yake. Ta nan ne ake haɗa wa tsoho kwali biyu na magani ɗaya, ana zaton daban-daban ne.

A gidan adadi, a rubuta ƙarfin ƙwaya da yawan ƙwaya, su biyun duka. Amlodifin akwai mai miligiram 5, akwai mai miligiram 10. Idan takarda ta ce "ƙwaya ɗaya" kawai, ranar da aka sayo mai 10 an ninka wa dattijo magani ba tare da kowa ya sani ba, sai dai a ga jiri yana ɗibarsa in ya miƙe, ko ƙafafu sun fara kumburi.

A gidan lokaci, a ɗaura magani a kan abin da gida ya riga ya saba da shi. Dattawanmu ba su cika duba agogo ba, amma ba sa kuskuren lokacin salla. "Bayan sallar magariba, tare da tuwo" ya fi zama a zuciya bisa ga lambar agogo kaɗai. Kuma a rubuta zancen abinci ƙarara, domin gilibenkilamid ba a shan sa a zauna da yunwa, shi kuwa metfomin in an sha shi da abinci ya fi sauƙi ga ciki. Idan mai jinya bai iya boko ba, a rubuta da ajami, a zana rana a layin safe, a zana jinjirin wata a layin dare.

To, sai gidan alama, wanda shi ne zuciyar takardar. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya ba da magani shi zai ja alama, kuma sai bayan ya ga an haɗiye. Ba lokacin da ya ɓare ƙwaya ya ajiye a faranti ba, ba kuma da daddare a zauna a cike akwatunan yini gaba ɗaya ba. A sa harafin farkon suna kusa da alamar, don a san wa za a tambaya. A ɗaure biro da zare a jikin takardar, kada a ce an rasa abin rubutu.

Idan an manta ba a ba da magani ba, a bar akwatin fayau, ko a zagaye shi. Kada a cike shi don kunya, kada kuma a ninka na gaba don ramuwa. A tambayi likita ko ma'aikacin famasi tun da wuri abin da za a yi in an tsallake kowane ɗaya, a rubuta amsar a ƙasan takardar. Akwatin da aka bari fayau yana da amfani. Likitan da ya ga awon jini ya hau, ya kuma ga akwatuna huɗu babu alama a mako ɗaya, ya san ba ƙarin magani ake bukata ba, shan wanda ake da shi ne ya yi rauni.

Akwai hanyar gane ko takarda tana faɗin gaskiya, wato ƙirga ƙwaya. An sayo amlodifin 30, ana shan ɗaya a rana, bayan kwana 10 dole a tarar da 20. In an tarar da 24 alhali akwatuna duk sun cika, an ja alama huɗu ba a sha ba. In an tarar da 17, wani ya ba da ƙari.

Kada kuma a ɓoye wa takardar abin da bai fito daga asibiti ba. Maganin ciwon gwiwa irin su diklofenak, da ake saya a kemis, yana iya ɗaga hawan jini, ya taɓa ƙoda, ya ƙwarzane ciki. Shi da jiƙo da tsimi duk a rubuta su, likita ya gani. Duk ranar da likita ya sauya wani abu, a zana sabuwar takarda mai kwanan wata, a cire tsohuwar daga bango. Haka nan kafin azumin Ramadan, a kai masa jadawalin ya gyara lokutan da kansa.

Jama'a, iyayenmu sun ƙirga mana cokalin magani muna cikin zani. Yau kafin a kwanta, a tattaro ledar magungunan dattijon gida, a ja gidajen nan huɗu, a tafi da takardar zuwa asibiti ranar ganin likita ya duba ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.